Robar mahaifa mai jan ƙarfe: tambayar jini kafin a buɗe leda

Mace daga Kanya Babba da ta je neman tazarar haihuwa, ko a asibitin sha-ka-tafi ko ta hau mota zuwa babban asibitin Babura ko na Kazaure, abubuwan da za a jera mata ba su da yawa: ƙwaya, allura, ashanar fata, sai robar mahaifa. Ukun farko duk da sinadarin homon suke aiki, wato suna bin jini su hana ƙwan mace fita. Ta huɗun, idan mai jan ƙarfe ce, babu homon a cikinta ko kaɗan. Wannan ne abin da ake yabonta da shi, kuma yabon gaskiya ne. Sai dai sau da yawa daga nan maganar take tsayawa, sai mace ta koma gida da fahimtar cewa abin da ba shi da homon ba shi da wata illa. Ra'ayina shi ne, abin da ya sa robar take aiki shi ne dai abin da ya sa ba ta dace da kowa ba, kuma a ƙasa irin tamu tambayar da ta fi kowace muhimmanci kafin a sa ta ita ce: yaya jininki yake?

Bari mu fara da abin kansa. Wadda aka fi samu a asibitocin gwamnati an rubuta TCu 380A a jikin ledarta. Ƙaramar roba ce mai laushi, siffarta kamar harafin T, tsawonta milimita 36, faɗin hannuwanta milimita 32, wato ba ta kai tsinken ashana ba. An naɗe gangar jikinta da siririyar wayar jan ƙarfe, an sa wa kowane hannu ɗan zobe na jan ƙarfe, lambar 380 kuwa faɗin fuskar jan ƙarfen ne gaba ɗaya a ma'aunin milimita murabba'i. A gindinta akwai zare biyu. Asalinta haɗuwar aikin mutum biyu ne a ƙarshen shekarun 1960: Howard Tatum, likita Ba'amurke, ya fito da siffar T domin ta dace da yanayin cikin mahaifa, Jaime Zipper na ƙasar Chile kuma ya gano cewa jan ƙarfe a cikin mahaifa yana hana ɗaukar ciki. Robar ita kaɗai ba ta hana cikin yadda ake so. Da aka naɗa mata jan ƙarfen sai lamarin ya canza.

Abin da take yi a ciki

Mahaifa ba ta son baƙo. Da zarar an ajiye mata wani abu, sai bangonta na ciki ya ɗan tunzura, fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne dakarun jiki, su taru a wurin, ruwan da ke cikin mahaifar ya canza. Tunzurin ba na cuta ba ne, domin babu ƙwayar cuta a cikinsa, amma yana nan muddin robar tana nan. Shi kuma jan ƙarfen yana narkewa kaɗan-kaɗan, ɗan abin da ido ba ya gani, ya gauraya da majinar bakin mahaifa da ruwan mahaifa har zuwa bututun da ƙwai yake biyowa. Ƙwayoyin maniyyi ba sa jure jan ƙarfe. Yana kashe musu kuzarin iyo, yana lalata musu ikon huda ƙwai, dakarun nan kuma suna cinye da yawa daga cikinsu. Saboda haka mafi yawan aikin robar yana ƙarewa tun kafin maniyyi da ƙwai su haɗu.

Matan da ke cewa ƙarfen zai yi tsatsa a cikin mutum ba su yi nisa da gaskiya ba, fassarar ce suka kuskure. Wannan cin da jiki yake yi wa wayar sannu a hankali shi ne maganin, kuma abin da ke fita bai kai ya ɗaga yawan jan ƙarfen da ke cikin jinin mai lafiya zuwa inda zai cutar ba. Shi ya sa ma take da wa'adi: masu ƙera ta sun ba ta shekara 10, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce tana kaiwa 12. Cikin mata ɗari da suka sa ta, ba a samun ko ɗaya cikakkiya da ta yi ciki a shekarar farko, a tsawon shekara goma kuma kimanin biyu ne.

Akwai tambayar da masu tsantseni suke yi, kuma ta cancanci amsa ba tare da kwana-kwana ba: shin zubar da ciki take yi? Cikin da ya riga ya zauna, robar ba ta zubar da shi a matsayin hanyar aikinta. Amma tun da bangon mahaifa yana canzawa, mai yiwuwa ne a wani lokaci nadiri ƙwan da ya haɗu da maniyyi ya iso ya rasa inda zai maƙale, musamman idan an sa ta ne da gaggawa cikin kwana biyar bayan saduwa. Wanda ya ce wa mace hakan ba ya taɓa faruwa ya faɗi fiye da abin da aka sani. Wanda kuma ya ce haka take aiki kullum ya saɓa wa abin da bincike ya nuna.

Tun da ba ta taɓa homon, ƙwai yana fita kowane wata yadda ya saba, nono ba ya raguwa, hawan jini da ciwon suga ba sa hana sa ta, kuma ranar da aka cire ta, a watan nan mace tana iya ɗaukar ciki. Mai hawan jini da aka hana ƙwaya, ko wadda allura ta ɗauke wa al'ada har hankalinta ya tashi, sau da yawa robar nan ce mafitarta.

Lissafin jini

To, ga inda gizo ke saƙa. Bangon mahaifar da aka tunzura shi ne dai wanda yake zubewa a lokacin haila, kuma idan yana cikin wannan hali ya fi zubar da jini, mara kuma ta fi murɗawa. A matsakaici, jinin al'ada yana ƙaruwa da kusan rabin abin da aka saba, kwanakin kuma sukan ƙaru da ɗaya ko biyu. Abin ya fi tsanani a wata uku zuwa shida na farko, ga mata da yawa yana lafawa, ga wasu kuwa ba ya komawa yadda yake. Wannan ne babban dalilin da ya sa mata suke komawa a cire musu ita.

Mu ƙaddara ya da ƙanwa ne daga wani gida a Kanya Babba, suka je tare. Ƙanwar tana goyon ɗanta na uku, al'adarta kwana huɗu ce, jinin da take zubarwa kimanin mililita 40, wato bai cika babban cokali uku ba. Idan ta sa robar ya zama 60. A kowace mililita ɗaya ta jini akwai kusan rabin miligiram na sinadarin ƙarfe, wanda da shi jiki yake ƙera sabon jini. Ke nan asararta ta tashi daga miligiram 20 zuwa 30 a wata. Ƙarin goma ne a kwana talatin, kuma jikin mace mai ƙoshin lafiya yana iya cike shi daga abinci.

Yayar kuwa haihuwarta bakwai, ta ƙarshen ta zubar da jini sosai, al'adarta kwana bakwai ce har da guda-guda, a ce mililita 80, wanda shi ne iyakar da likitoci suke fara kiran jinin haila mai yawa. Ƙarin rabi ya kai ta 120, wato miligiram 60 na ƙarfe a wata, biyu a kowace rana, ban da kusan ɗaya da kowane jiki yake rasawa kullum ta fata da hanji. Hanjin mutum a al'ada miligiram ɗaya zuwa biyu yake tsotsa a rana. Yakan ƙara himma idan rumbun ya yi ƙasa, amma daga tuwon gero da miyar kuka, ƙarfen da ke ciki ba ya tsotsuwa da sauƙi kamar na nama da hanta, shayin da ake korawa da shi bayan abinci kuma yana ƙara tare shi. Sai ka ga kowane wata ana cire fiye da abin da ake zubawa. Ba za ta faɗi a wata na farko ba. Bayan shekara ne za a ga ta fara haki idan ta ɗebo ruwa, jiri yana ɗibarta idan ta miƙe, tafin hannunta da cikin fatar idonta sun yi fari, damina kuma ta zo da zazzaɓin cizon sauro ya ƙara kwashe abin da ya rage.

Roba ɗaya, hannun ma'aikaciya ɗaya, amma ɗaya ta samu shekara goma na kwanciyar hankali, ɗaya ta samu ciwo. Kuma irin yayar nan ba baƙuwa ba ce a cikinmu. Binciken ƙasa kan al'umma da lafiya na 2018 ya samu cewa kashi 58 cikin ɗari na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini.

A nan dole in yi adalci ga ƙa'ida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa yanayin masu neman tazara gida huɗu: na ɗaya babu wani shamaki, na biyu amfanin ya rinjayi haɗarin, na uku haɗarin ya rinjayi amfanin, na huɗu kada a yi sam. Ƙarancin jini, da sikila, da yawan jinin haila, duk a gida na biyu ta sa su. Wato ba a haramta wa yayar nan robar ba, kuma dalilin a fili yake: ciki na takwas ya fi ƙarin jinin haila haɗari a gare ta nesa ba kusa ba. Na yarda da wannan. Inda nake da ja shi ne yadda ake karanta gida na biyu kamar gida na ɗaya. Ma'anarsa a sa tare da lura: a auna jini, a ba da ƙwayar ƙarin jini, a ce ta dawo. Mace marar ciki da himogulobin ɗinta ya gaza giram 12 tana da ƙarancin jini, idan ya gaza 8 ya yi tsanani. Inda babu abin awo, ko duba fatar ido da tambayar yawan ƙyallen da take canzawa a rana ya fi a yi shiru. Idan kuwa an tarar jinin ya yi ƙasa kuma hailar mai yawa ce, a ganina gaskiyar da ya kamata a faɗa mata ita ce akwai abin da ya fi dacewa da ita: robar mahaifa mai homon, inda ake samunta, wadda ita rage jinin haila take yi, ko allura, wadda takan ɗauke shi bayan wasu watanni.

Wani abu kuma da takardun da aka rubuta a Janeba ba su damu da shi ba, amma macen Kanya Babba ta damu: ƙarin kwana biyu na jini da ɗige-ɗige tsakanin haila da haila magana ce ta salla da azumi da zaman aure. A mazhabar Malikiyya mai al'ada takan ƙara kwana uku a kan mafi tsawon abin da ta saba, matuƙar bai wuce kwana 15 ba, abin da ya biyo baya jinin ciwo ne. Tafsilin wannan na malamai ne. Amma a gaya mata tun farko cewa lissafinta zai canza, wannan na ma'aikaciyar lafiya ne, kuma wadda aka gaya wa ta fi haƙuri da watannin farko.

Waɗanda ba a sa wa

Gida na huɗu gajere ne, kuma kusan duk abin da ke cikinsa yana komawa ga abu uku: ciki, cuta mai ƙwaya, da mahaifar da siffarta ko lafiyarta ta canza. Ba a sa wa mai ciki ko wadda ake zaton tana da shi. Ba a sa wa mai zubar jinin da ba a san dalilinsa ba, kamar jini bayan saduwa, domin yana iya zama alamar kansar bakin mahaifa, robar kuma za ta ba shi wani suna a yi ta jinkiri. Ba a sa wa wadda ƙari ya murɗe mata cikin mahaifa har robar ba za ta zauna daidai ba, amma ƙarin da ke ta waje bai taɓa ramin ba, ba ya hanawa. Masu ƙera ta sun ƙara da mai cutar Wilson, wata cuta ta gado da ba a cika gani ba, wadda jiki ke kasa fitar da jan ƙarfe.

Maganar cuta mai ƙwaya ita ce ke buƙatar a tsaya, saboda kalmar sanyi. A bakinmu sanyi ya haɗa ƙaiƙayi da farin ruwa da ciwon mara da ciwon baya da rashin haihuwa, har kusan babu matar da ba a taɓa ce mata tana da shi ba. Da za a hana duk mai sanyi robar, da babu wadda za ta sa. Ƙaiƙayi da farin ruwa mai kama da kindirmo a farji yake, ana maganinsa, kuma ba ya hana sa roba. Abin da yake hanawa shi ne ruwa mai kama da mugunya da ke fitowa daga bakin mahaifa kansa, ko bakin mahaifar da ke jini da an taɓa shi, ko zafi mai tsanani idan ma'aikaciya ta motsa shi da yatsa, musamman tare da zazzaɓi. Waɗannan alamun cututtukan da ake ɗauka ta saduwa ne. Robar ba ta haifar da cutar, amma bututun da ake tura ta da shi yana iya kwasar ƙwayoyin daga bakin mahaifa ya kai su sama, su kama bututun ƙwai su toshe shi. Shi ya sa haɗarin ya taru a kwana 20 na farko, bayan nan ya koma kamar na kowace mace. Irin wannan a yi mata magani, a yi wa mijinta, a gidan da ke da kishiyoyi kuma a duba su ma, sannan a dawo maganar roba. Bambance sanyin farko da na biyu ba ya yiwuwa da tambaya kawai, sai an duba da ido da hannu. Wadda aka sa wa roba ba tare da an duba ta ba, an tsallake rabin aikin.

Sai maganar lokaci bayan haihuwa, wadda ta zo daidai da al'adarmu ta wata fuska. Ana iya sa robar cikin awa 48 da haihuwa, ko kuma a jira sai bayan mako huɗu. Tsakanin nan mahaifa tana komawa mazauninta, tana da laushi, robar ta fi saurin faɗowa. Wadda ta haihu a gida, kamar yadda da yawa suke yi a ƙauyukan Babura da Roni da Gwiwa, ƙofar farko takan wuce ta. Ranar suna tana cikin kwanakin da ba a so. Amma gama wankan jego a kwana arba'in, da kai jariri rigakafin mako shida, sun faɗo inda ake so. Wadda kuwa ta yi zazzaɓin haihuwa da ruwa mai wari, ko ɓari ya zo mata da irin wannan, ba a sa mata sai ta warke sarai.

A kan gado, da bayan an tashi

Sa ta ba ya wuce 'yan mintuna. Bayan dubawa, ana buɗe farji da ƙarfen dubawa, a goge bakin mahaifa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a riƙe shi, a zura wani siririn ma'auni a ga zurfin mahaifar. Yawanci santimita 6 zuwa 9 ne, idan bai kai 6 ba a dakata. Ana naɗe hannuwan robar a cikin bututu tun tana cikin ledarta domin kada hannu ya taɓa ta, a kai ta can ƙuryar mahaifa, a saki, a yanke zaren a bar kamar santimita uku. Tun 2014 manufar gwamnatin tarayya ta ba jami'an lafiya na matakin farko da aka horar damar sa ta, tun 2011 kuma kayan tazarar haihuwa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Wannan ya kawo robar kusa da mutane, amma bai rage ko ɗaya daga matakan nan ba.

Abubuwan da kan ɓaci guda uku ne. Mahaifa tana iya turo ta waje, kimanin mace ɗaya cikin ashirin, galibi a watannin farko kuma lokacin haila, wani lokaci ba tare da an ji ba. Alamarsa zaren ya ƙara tsawo, ko a ji tauri kamar tsinke a bakin mahaifa, ko miji ya ji abu yana sukarsa. Na biyu, wajen sawa tana iya huda bangon mahaifa, kimanin sau ɗaya cikin dubu, kuma ya fi faruwa ga mai shayarwa. Daga nan ne labarin cewa roba tana tafiya zuciya ko ƙwaƙwalwa ya samo tushe. Ba ta da hanyar zuwa can. Iyakarta cikin ciki, kusa da hanji, kuma da yake an gauraya robar da sinadarin da hoton asibiti yake kamawa, ana ganinta a ciro ta. Na uku shi ne ciki a kan roba. Da wuya ya faru, amma idan ya faru, 6 zuwa 8 cikin ɗari a bututun ƙwai yake zama. Mai roba ta fi wadda ba ta tazara tsira daga irin wannan ciki, domin cikin ma gaba ɗaya ba ta cika ɗauka ba. Duk da haka, ɓatan wata tare da ciwon mara ta gefe ɗaya, ko jiri da suma, ba abin jiran wayewar gari ba ne, kuma ba na asibitin sha-ka-tafi ba ne, na inda ake tiyata ne, Babura ko Kazaure, a daren.

Ƙanwar nan tamu, idan an sa mata, za a ce ta dawo bayan hailarta ta farko, ko tsakanin mako uku zuwa shida, a duba zaren. Idan mara ta dame ta, ibufurofen yana rage ciwon har da jinin, asfirin kuwa ƙara jinin yake yi, a guje shi. Robar ba ta kare ta daga cutar ƙanjamau ko wata cutar saduwa. Za a ba ta kati mai ɗauke da irin robar da ranar da aka sa da shekarar cirewa, ta adana shi tare da katin rigakafin yaron, domin bayan shekara goma ma'aikaciyar da ta sa mata wataƙila an yi mata canjin wurin aiki, kuma roba mai homon da mai jan ƙarfe wa'adinsu ba ɗaya ba ne. Yayar kuma a auna jininta a ranar, a ba ta ƙwayar ƙarin jini ta wata uku, ta tafi da wata hanyar a hannu kafin a sake zama a kan maganar.